Dajin Rukunoni da Tsadarsa: Ina Ainihin "Kusan" Ɗin Yake?

A harshen Fortran, wanda masana kimiyya suka dogara da shi wajen lissafi tun ƙarshen shekarun 1950, akwai wani umarni da ake kira `EQUIVALENCE`. Aikinsa shi ne ya shaida wa kwamfuta cewa sunaye biyu wuri guda suke nufi a cikin ma'ajiyarta. Mai rubuta shiri zai iya cewa `A` da `B` ɗaya ne, can gaba ya ce `C` da `D` ɗaya ne, bayan wasu layuka kuma ya ƙara da cewa `B` da `C` ɗaya ne. Bai taɓa ambaton `A` da `D` tare ba, amma dole manhajar da ke fassara shirin zuwa harshen na'ura ta gane cewa su ma sun zama abu guda. Wannan ƙaramar matsala ce ta sa Bernard Galler na Jami'ar Michigan da Michael Fischer suka wallafa wata dabara a shekarar 1964. Dabarar gajeriya ce ƙwarai, ko da an haɗa da gyare-gyaren da aka yi mata daga baya ba ta kai layi ashirin ba. Duk da haka sai da aka shekara goma sha ɗaya kafin Robert Tarjan ya gano ainihin tsadarta, a 1975.

Yau duk ɗalibin da ya bi ta darasin tsarin bayanai ya haddace amsar: tsadar kowane aiki "kusan tsayayye" ce, saboda wani harafin Girkanci, α, da ba ya wuce huɗu. Ya rubuta haka a jarrabawa, ya maimaita a ganawar neman aiki, shi ke nan. Wannan hadda tana da illa biyu. Ta farko, tana sa a ɗauka cewa dalilin saurin dabarar wani sirri ne da sai manyan masana, alhali ana iya bin mafi yawan hujjar da takarda da biro a zama ɗaya. Ta biyu ta fi muni: tana karkatar da hankali zuwa "kusan" ɗin da ba ya cutar da kowa, ta bar wanda yake iya cutarwa. Ratar da ke tsakanin α da tsayayyen adadi ba za ta taɓa shafar wata manhaja a duniya ba. Ratar da ke tsakanin tsadar aiki guda da tsadar jerin ayyuka kuwa tana shafar su, kuma ita ce ba a cika faɗa ba.

Tsarin kansa mai sauƙi ne. Akwai mambobi `n`, kowanne da lambarsa, kuma da farko kowa rukunin kansa ne. Abu biyu kawai ake nema. Na farko `find`: a faɗi rukunin da mamba kaza yake ciki. Na biyu `union`: a haɗe rukunin wannan da na wancan su zama ɗaya. Babu mamban da yake cikin rukuni biyu a lokaci guda, kuma abin da aka haɗe ba a raba shi.

Hikimar Galler da Fischer ita ce kada a ajiye jerin sunayen 'yan kowane rukuni. Kowane mamba abu ɗaya kawai zai riƙe: lambar ubangidansa. Wanda yake ubangidan kansa shi ne tushe, kuma lambarsa ita ce sunan rukunin baki ɗaya. Mai son sanin rukunin wani sai ya bi daga shi zuwa ubangidansa, daga nan zuwa ubangidan ubangidansa, kamar yadda ƙorafi ke tashi daga mai unguwa zuwa dagaci, daga dagaci zuwa hakimi, har ya kai inda babu na sama. Mambobi biyu suna rukuni ɗaya idan hanyoyinsu sun ƙare a tushe ɗaya. Haɗe rukuni biyu kuwa rubutu ɗaya ne tak: a mayar da tushen wannan yaron tushen wancan. Kowane rukuni bishiya ce, dukansu tare kuma daji, daga nan sunan ya samo asali.

Tsadar aiki ita ce yawan takun da aka yi kafin a isa tushe, kuma a nan ne dabarar asali take da rauni. Idan aka yi sakaci da wanda zai koma ƙarƙashin wani, bishiyar na iya zama sarƙa: a sa na farko ƙarƙashin na biyu, na biyu ƙarƙashin na uku, haka har ƙarshe. Da mambobi miliyan ɗaya, na can ƙasa yana buƙatar taku 999,999. Idan aka tambayi kowane mamba sau ɗaya, jimillar takun ta kusa biliyan 500.

Gyara biyu ne suka kawar da wannan. Na farko shi ne haɗewa bisa muƙami. Kowane mamba yana da wata ƙaramar lamba, muƙaminsa, da ke farawa daga sifili. In za a haɗe tushe biyu, mai ƙaramin muƙami ne ke komawa ƙarƙashin mai babba, kuma muƙamin kowa ba ya canzawa. Sai idan sun yi kunnen doki ne ake zaɓar ɗaya ya hau, a ƙara masa ɗaya. Gyara na biyu shi ne gajarta hanya: duk lokacin da aka hau daga wani mamba zuwa tushe, sai a dawo a mayar da duk wanda aka ratsa ya zama yaron tushen kai tsaye. Ga su duka a harshen Python:

```python
def find(x):
    root = x
    while parent[root] != root:
        root = parent[root]
    while parent[x] != root:
        nxt = parent[x]
        parent[x] = root
        x = nxt
    return root

def union(a, b):
    a, b = find(a), find(b)
    if a == b:
        return False
    if rank[a] < rank[b]:
        a, b = b, a
    parent[b] = a
    if rank[a] == rank[b]:
        rank[a] += 1
    return True
```

A gwada da mambobi takwas, daga 0 zuwa 7, a kuma haɗe su ta hanyar da za ta fi ba bishiyar tsawo. Da farko bibbiyu: 0 da 1, 2 da 3, 4 da 5, 6 da 7. A kowace haɗuwa an yi kunnen doki a kan sifili, don haka 0, 2, 4 da 6 suka zama tushe masu muƙami ɗaya. Sai a haɗe 0 da 2, a haɗe 4 da 6. An sake yin kunnen doki, 0 da 4 suka hau muƙami na biyu. A ƙarshe a haɗe 0 da 4: 4 ya koma ƙarƙashin 0, muƙamin 0 ya zama uku. Yanzu 7 ne ya fi kowa nisa. Ubangidansa 6, ubangidan 6 shi ne 4, ubangidan 4 shi ne 0, taku uku ke nan. Da zarar an kira `find(7)`, sai 7 da 6 su koma yaran 0 kai tsaye, su tarar da 4 da ke can tun farko. Kira na biyu a kan 7 taku ɗaya ne, kuma 6 ma ya ci moriya ba tare da an tambaye shi ba. In aka ƙara da `find(3)` da `find(5)`, dukan mambobi bakwai sun rataya a jikin 0, tsayin bishiyar ya koma ɗaya.

Muƙamin 0 kuwa yana nan a uku. Wannan ba kuskure ba ne, ko da yake masu koyo da yawa sukan so su "gyara" shi. Muƙami ba tsayin bishiya ba ne, iyaka ce da tsayin ba zai wuce ba. Barinsa yadda yake shi ne abin da dukan hujjar ta ginu a kai.

Hujjar tana tsaye ne a kan gaskiya uku, kuma dukansu ana ganinsu a misalin nan. Ta farko: in ana hawa, muƙami ƙaruwa yake yi a kowane taku. A hanyar 7 an ratsa sifili, ɗaya, biyu, uku. Haka abin yake domin ba a sa mamba ƙarƙashin wanda bai fi shi ba, kuma daga ranar da mamba ya daina zama tushe muƙaminsa ya daskare har abada.

Ta biyu: manyan muƙamai ba su da yawa. Ba a samun muƙami na uku sai an haɗe masu muƙami na biyu guda biyu, su ma kowanne sai da aka haɗe masu muƙami ɗaya guda biyu. Saboda haka duk wanda ya hau muƙami `r` ya hau ne da aƙalla mambobi `2^r` a ƙarƙashinsa, har da shi kansa, kuma babu wani mai muƙami `r` da zai sake ƙidaya waɗannan mambobi a matsayin nasa, domin duk sabon tushen da za su samu nan gaba ya fi `r`. Ma'ana, masu muƙami `r` ba za su wuce `n/2^r` ba. Masu muƙami ɗaya ba su wuce rabin jama'a ba, masu biyu ba su wuce kashi ɗaya cikin huɗu ba, haka ake ta rabawa. Daga nan kaɗai an sami sakamako mai amfani: da mambobi biliyan ɗaya, babu muƙamin da zai wuce 29, domin muƙami na 30 yana buƙatar mambobi 1,073,741,824. Ko ba a gajarta hanya ba, babu binciken da zai wuce taku 29.

Ta uku ita ce gudunmawar gajarta hanya. Duk mamban da aka ratsa, in dai ba shi ne tushe ba kuma ba yaron tushe ba ne, zai fito da sabon ubangida wanda muƙaminsa ya fi na tsohon. Ubangidan 7 ya tashi daga mai muƙami ɗaya zuwa mai uku. Wannan ci gaba ba ya komawa baya. Tun da muƙamai ƙidayayyu ne, ba za a iya yi wa mamba ɗaya wannan ƙarin girma sau ba adadi ba.

Abin da ya rage lissafin kuɗi ne, irin wanda John Hopcroft da Jeffrey Ullman suka kai ga sakamakonsa a 1973. A raba muƙamai zango-zango, kowane zango ya fi na bayansa faɗi nesa ba kusa ba. Sifili zangon kansa ne, ɗaya ma haka, biyu ma haka. Sai zangon 3 zuwa 4, sai na 5 zuwa 16, sai na 17 zuwa 65,536. Ƙa'idar ita ce, in zango ya ƙare a `k`, na gaba zai ƙare a `2^k`. Da mambobi biliyan ɗaya, inda muƙami bai wuce 29 ba, zanguna shida ne kawai ake taɓawa.

Yanzu a ɗauki kowane taku a tambayi wa zai biya. Idan takun ya tsallaka daga wani zango zuwa na sama, a ɗora wa binciken da ake yi. Tun da muƙami hawa kawai yake yi, irin wannan tsallake ba zai wuce biyar ba a bincike guda. Taku na ƙarshe, wanda ya shiga tushe, shi ma a ɗora wa binciken. Shida ke nan. Duk wani takun da ya rage, taku ne daga mamba zuwa ubangidan da suke zango ɗaya, wanda kuma ba tushe ba. Wannan sai mamban ya biya daga guzurinsa.

Nawa guzurin zai kai? A dubi zangon 5 zuwa 16. Muƙamai goma sha biyu ne a cikinsa, kuma duk lokacin da mamba ya biya, muƙamin ubangidansa yana ƙaruwa da aƙalla ɗaya. Kafin ya biya fiye da sau goma sha biyu, ubangidansa ya fice daga zangon, kuma daga nan ba a ƙara cajin mamban ba har abada, sai dai a caji binciken. Masu muƙami biyar zuwa sama kuwa ba su wuce `n/32 + n/64 + …` ba, wato kashi ɗaya cikin goma sha shida na jama'a, mambobi miliyan 62.5. A ninka da goma sha biyu, an sami miliyan 750. Zangon 3 zuwa 4 ya fi sauƙi: masu muƙami uku ne kawai za su iya biya, sau ɗaya kowanne, kuma ba su wuce miliyan 125 ba. A zango na sama, 17 zuwa 29, mambobi kimanin 15,000 ne, duk abin da za su biya bai kai 200,000 ba. Zanguna uku na farko ba su biyan komai, domin babu yadda mamba da ubangidansa za su haɗa muƙami ɗaya. Jimillar guzurin duka ba ta kai biliyan ɗaya ba, wato ƙasa da taku ɗaya ga kowane mamba a tsawon rayuwar tsarin.

Sakamakon ya fito sarai. Da mambobi biliyan ɗaya, ko wane irin jerin ayyuka aka jefo, ko da magabci ne ya tsara shi da gangan, hawan da bincike `m` za su yi ba zai wuce taku `6m + n` ba. Ba a kira sunan Ackermann ba, ba a buƙaci komai da ya wuce rabawa da ninkawa ba. Wannan ita ce hujjar da ya kamata a riƙa koyarwa, domin wanda ya bi ta sau ɗaya ya san dalilin kowane layi na shirin da ke sama.

Yawan tsallaken zangunan nan shi ne abin da masana ke rubutawa `log* n`: sau nawa za a ɗauki logaridim a kan logaridim kafin adadi ya sauko zuwa ɗaya. Daga 65,536 a sauko 16, daga 16 a sauko 4, sai 2, sai 1, sau huɗu ke nan. Ba ya wuce biyar sai adadi ya haura `2^65536`, lambar da ake rubutawa da alƙaluma 19,729. Kiyasin da masana kimiyya ke yi na ƙwayoyin zarra a sararin samaniyar da ake iya hangowa, kimanin `10^80`, alƙaluma 81 ne kacal.

To me Tarjan ya ƙara? Ya lura cewa lissafin zanguna yana da almubazzaranci. Yana cajin bincike kuɗin kowane tsallake kamar ba a amfana da shi ba, alhali gajarta hanya tana faɗaɗa waɗannan tsallake-tsallaken su ma. Mamban da ubangidansa ke gaba da shi da zango ɗaya, bayan bincike zai iya samun wanda ke gaba da shi da zango uku. Ashe ana iya maimaita hujjar a kan zangunan kansu, a tara su cikin manyan zanguna, a sake tara waɗannan, hawa bisa hawa. A tsarin da ake koyarwa yanzu, ana ba kowane mamba mataki gwargwadon girman ratar da ke tsakanin muƙaminsa da na ubangidansa. A kan hanyar bincike, duk mamban da ke da wani ɗan matakinsu a samansa yana samun ci gaban da za a iya cajin guzurinsa a kai. Waɗanda ba su samu ba su ne na ƙololuwar kowane mataki, ɗaya ɗaya, da na bakin hanya biyu. Don haka abin da bincike ke biya ya koma yawan matakai, ba yawan zanguna ba.

Matakan kuwa tsani ne da Wilhelm Ackermann, ɗalibin David Hilbert, ya bayyana irinsa a 1928 don wata manufa dabam a fagen mantiƙin lissafi. Matakin farko ƙara ɗaya ne. Maimaita shi yana ba da ninkawa biyu. Maimaita ninkawa yana ba da `2^k`. Maimaita wannan yana ba da hasumiyar biyu bisa biyu bisa biyu, wadda ita ce ma'aunin zangunan da aka gani. Mataki na gaba yana maimaita hasumiyar kanta. Harafin α yana ƙidaya mataki nawa za a hau a wannan tsani kafin a cim ma `n`. A ma'anar da littafin Cormen, Leiserson, Rivest da Stein ya yi amfani da ita, α uku ne daga 8 zuwa 2,047, ya zama huɗu daga 2,048, ya kuma tsaya a huɗu har zuwa wani adadi da ya zarce `2^2048` nesa. Ga mai mambobi biliyan ɗaya, duk wannan zurfin lissafi ya sauya biyar ne zuwa huɗu.

Ba raina aikin ake yi ba. Darajarsa tana wani wuri: ya nuna cewa wannan baƙon tsani ba ƙirƙirar mai hujja ba ce, yana cikin matsalar kanta. Tarjan ya nuna akwai jerin ayyukan da ke tilasta wa dabarar biyan wannan tsada, a 1979 ya faɗaɗa hukuncin zuwa wani babban ajin dabarun da ke aiki da bin alamar ubangida, sannan a 1989 Michael Fredman da Michael Saks suka tabbatar cewa duk wani tsarin bayanai, ko yaya aka gina shi, ba zai kauce wa α ba muddin ana ƙidaya sau nawa ya leƙa ma'ajiya. Mai cewa tsadar tsayayya ce ba tare da "kusan" ba ya faɗi abin da aka tabbatar ba gaskiya ba ne. Amma injiniyan da ya ce bai damu da wannan bambanci ba yana da hujja, kuma babu dalilin yi masa gardama.

Inda za a yi masa gardama shi ne idan ya ɗauka kowane kira ne ke da wannan arha. Alkawarin `6m + n` alkawari ne a kan jimilla. Ba matsakaicin sa'a ba ne, domin yana tsaye ko a kan mafi munin jeri, amma kuma bai ce komai a kan kira guda ba. A maimaita ginin mambobi takwas ɗin nan da mambobi 1,048,576, ana haɗe tsara da tsara har sau ashirin. Binciken farko a kan na can ƙasa taku ashirin ne cur, sannan a dawo a sake rubuta ubangidan goma sha tara daga cikinsu. Taku ashirin ba bala'i ba ne, sai dai a babban tsari kowane taku tsalle ne zuwa wani lungu na ma'ajiya mai nisa da na baya, kuma irin wannan tsalle ya fi lissafin da ke cikin shirin tsada sau da yawa. Ga aikin da ake auna shi da jimillar lokaci, kamar dabarar Joseph Kruskal ta 1956 da ke zaɓar layukan da za su haɗa dukan wurare da mafi ƙarancin kuɗi, wannan ba komai ba ne. A can jera layukan bisa tsadarsu ne ma ke cin mafi yawan lokaci. Ga tsarin da aka yi wa kowace amsa wa'adi, lambar da za a yi kasafi da ita `log n` ce, ba α ba.

Akwai kuma abin da aka sayar don a sayi wannan arha. Gajarta hanya tana nufin tambaya ma rubutu ce. `find` yana sauya tsarin da ya zo karantawa, don haka ba za a bar ayyuka da yawa su kira shi a lokaci guda ba tare da shiri na musamman ba, ko da dukansu tambaya kawai suka zo yi. Tana kuma shafe tarihi. Bayan `find(7)` babu sauran alamar cewa 7 ta hannun 6 ya shigo. Mai buƙatar warware haɗuwar da ya yi a baya, kamar mai binciken da ke gwada hanya ya janye in ba ta ɓulle ba, yawanci yakan haƙura da gajartawa ya riƙe muƙami kaɗai. A nan kowace haɗuwa rubutu ɗaya ko biyu ce da za a iya ajiyewa a mayar, tsadar bincike kuma ta koma `log n`. Wannan ciniki ne mai ma'ana, kuma wanda ya san hujjar ne kaɗai ya san abin da ya bayar da abin da ya karɓa.

Akasin haka ma ana yi, kuma ya fi yawa: a gajarta hanya a watsar da muƙami, don layukan sun fi kaɗan. Tarjan da Jan van Leeuwen sun nuna a 1984 cewa wannan ma yana ba da kimanin `log n` a kan jimilla, kuma sau da yawa yana gudu lafiya. Amma gaskiya ta biyu ta faɗi, babu abin da ya hana sarƙa ta ginu kafin binciken farko ya ratsa ta. Idan kuma an rubuta `find` ta yadda yake kiran kansa a kowane taku, kamar yadda littattafai da yawa ke nunawa, sarƙar za ta kashe shirin. Python, a yadda yake zuwa, yana dakatar da irin wannan kira idan zurfinsa ya kai wajen 1,000. Shirin zai wuce duk ƙananan gwaje-gwaje, ya faɗi ranar da bayanai suka zo a jere.

Kuskuren da ya fi wannan ɓoyuwa shi ne kwatanta `parent[a]` da `parent[b]` a maimakon `find(a)` da `find(b)`. A bishiyar mambobi takwas, kafin a gajarta komai, ubangidan 7 shi ne 6, na 3 kuma 2. Kwatancen zai ce rukuninsu dabam, alhali ɗaya ne. Abin takaicin shi ne gajarta hanya tana rufa wa wannan kuskure asiri: tun da yawancin mambobi sun riga sun rataya a jikin tushe, amsar tana fitowa daidai a mafi yawan lokuta, ta kauce jefi-jefi. Ɗan'uwansa shi ne a rubuta `parent[b] = a` ba tare da an fara nemo tushen `b` ba, abin da ke yanke `b` da na ƙarƙashinsa daga tsohon rukuninsu a maimakon haɗe rukunonin biyu.

Gaskiyoyin nan uku da suka ba da hujja su ne kuma ma'aunin gano waɗannan kurakurai. A ratsa dukan mambobi a tabbatar cewa duk wanda ba tushe ba muƙaminsa bai kai na ubangidansa ba. A duba cewa masu muƙami `r` ba su wuce `n/2^r` ba. In aka ga muƙami 40 a tsarin mambobi miliyan ɗaya, inda iyaka 19 ce, to wani yana ƙara muƙami ba tare da kunnen doki ba. A ƙidaya tushe nawa suka rage, dole su yi daidai da `n` in an cire yawan lokutan da `union` ya dawo da `True`. Sannan a sa ɗan ma'auni a cikin madaukin farko na `find` ya tara yawan taku. Idan jimillar ta haura `6m + n` a tsarin da bai wuce mambobi biliyan ɗaya ba, inda `m` ya haɗa da bincike biyun da ke cikin kowane `union`, to ɗaya daga cikin gyare-gyaren biyu ba ya aiki yadda aka zata.